Yadda ake zaɓen fina-finan doguwar tafiya gwargwadon cajin tabilet: lissafin hanyar Gombe zuwa Abuja

Matafiyin da ya fito daga unguwar Manawashi a birnin Gombe da asuba domin ya kama motar Abuja yana da tafiyar fiye da kilomita 500 a gabansa, ta Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi. Idan aka haɗa da jiran cikar mota, da tsayawa domin sallah da cin abinci, da cunkoson Mararraba zuwa Nyanya, wunin kan tafi kusan gaba ɗaya a hanya. Mutane da dama, musamman iyaye masu tafiya da yara, sukan riƙe kwamfutar hannu ta tabilet cike da fina-finai domin rage nisan hanya. Sai dai sau da yawa na'urar kan mutu tun ba a wuce Jos ba, ko kuma fim ya ƙi buɗewa a inda babu sabis ɗin da za a sake sauke shi.

Galibi ana ɗora laifin a kan batir, alhali matsalar ta faro tun daga gida, lokacin da aka zaɓi fina-finan. Fina-finai biyu masu tsawo ɗaya suna iya cin caji mabambanci ƙwarai, saboda irin hasken da kowannensu ke buƙata da kuma yadda aka shirya fayil ɗinsa. Saboda haka zaɓen fim na tafiya lissafi ne mai matakai uku: sanin awoyin kallon da batir zai iya bayarwa, zaɓen abin da ya dace da waɗannan awoyin da yanayin hanya, sannan tabbatar da cewa kowane fayil zai buɗe ba tare da intanet ba.

A fara auna batir kafin a zaɓi fim

Adadin awoyin da ake rubutawa a kwalin tabilet an same shi ne da sabon batir, a ɗaki mai sanyi, da matsakaicin haske. Batirin da ya shekara biyu ana caja shi yana saukewa ba zai ba da wannan adadin ba, domin ƙarfinsa na riƙe caji yana raguwa da yawan amfani da kuma zafi. Abin dogaro shi ne gwajin da mai na'urar zai yi da kansa, kuma bai wuce na awa guda ba.

Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, sai a sanya tabilet ɗin a kan Airplane mode, a rubuta adadin cajin da ke nuni a saman allo, a kunna ɗaya daga cikin fina-finan da za a tafi da su har tsawon minti 30, sannan a duba abin da ya ragu. Idan aka ninka wannan adadi sau biyu, an sami abin da na'urar ke ci a awa guda. Gwajin sau biyu ake yin sa. Na farko a cikin ɗaki, da hasken allo ƙasa da rabi. Na biyu a waje cikin inuwa da rana tsaka, inda dole sai an ɗaga hasken kafin a ga hoto sosai. Gwaji na biyu shi ne ya fi kama da abin da za a tarar a cikin mota, domin hasken rana yana shigowa ta kowace taga.

Dalilin wannan bambanci shi ne, a cikin tabilet babu abin da ya kai allo cin wuta. Yawancin tabilet masu sauƙin kuɗi suna da allo nau'in LCD, wanda fitila ce ke haska shi daga baya. Wannan fitila tana ci gwargwadon inda aka ajiye ma'aunin haske, ko hoton da ke kan allo na dare ne ko na rana. Allon OLED, wanda ake samu a na'urori masu tsada, shi ne ke rage cin wuta idan hoton baƙi ne, domin kowane ɗigo da kansa yake bayar da haskensa. Don haka maganar da ake yi cewa fim mai duhu yana adana caji ba ta shafi mai allon LCD ba. A wajensa ma akasin haka ne, kamar yadda za a gani a gaba.

Misalin lissafi

A ɗauki misalin uwa mai tafiya da yara biyu daga Manawashi zuwa Abuja, da tabilet mai batir 7,040 mAh, wato irin girman da ke cikin Samsung Galaxy Tab A8 mai allon inci 10.5. A ce a gwajin cikin ɗaki cajin ya ragu da kashi 5 cikin 100 a minti 30, wato kashi 10 a awa guda. A gwajin waje kuma ya ragu da kashi 9, wato kashi 18 a awa guda. Da ta dogara da gwajin ɗaki kaɗai, da ta ɗauka tana da awa goma na kallo. Gwajin waje ya nuna mata cewa da rana tsaka abin bai wuce awa biyar da rabi ba, shi ma idan an bar batirin ya ƙare ƙurmus.

Ba duk cajin ne na kallo ba. A ce an tashi da kashi 95, domin an cire na'urar daga wuta tun dare lokacin da aka ɗauke lantarki. Ya kamata a ware kashi 15 da ba za a taɓa ba. Tsohon batir yakan yi ƙarya a ƙarshensa: sai ya nuna kashi 12, bayan ɗan lokaci kaɗan na'urar ta mutu. Sannan a ware kashi 5 na abin da tabilet ke ci yana ajiye cikin jaka tsawon wuni. Abin da ya saura na kallo shi ne kashi 75.

Yanzu sai a ɗora wannan kashi 75 a kan hanyar. A ce mota ta tashi da ƙarfe 7 na safe. Tsakanin Gombe da Bauchi, tafiyar kimanin kilomita 150 ta Alkaleri, rana ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma tana bayan motar domin yamma aka nufa. Matsakaicin haske ya wadatar, a ƙiyasta kashi 12 a awa guda. Fitowa biyu ta shiri mai dogon zango, kowace kusan awa guda, za su ci kashi 24. Tsakanin Bauchi da Jos hantsi ya dubi ludayi, dole a ɗaga haske, don haka awa guda ta zanen yara za ta ci kashi 18. Daga Jos zuwa Akwanga hanya tana gangarowa daga tsaunuka ta Hawan Kibo, da lanƙwasa masu yawa, kuma nan ne kallon allo ya fi tayar wa mutum da zuciya. A nan sai a kashe allo a saurari sauti kawai, karatun Alƙur'ani ko littafin da aka karanta ko wani shirin rediyo da aka adana. Sauti ba tare da allo ba cinsa kaɗan ne, a ƙiyasta kashi 4 a awa biyu. Daga Akwanga zuwa Abuja, da la'asar, fim guda mai minti 100 a kan kashi 15 a awa zai ci kashi 25. Jimilla kashi 71 ke nan cikin 75, da kallon awa huɗu da minti 40.

Wannan lissafi yana nuna abin da zai faru da a ce uwar ta zaɓi dogon fim ɗin Indiya guda. Kabhi Khushi Kabhie Gham na shekarar 2001 yana da tsawon kimanin awa uku da rabi. Idan aka kalle shi da rana tsaka a kan kashi 18 a awa, shi kaɗai zai cinye kashi 63, ya bar kashi 12, wato minti 40 kacal na kallon yara a sauran hanyar. Ba laifi ba ne a zaɓe shi, amma wanda ya zaɓe shi ya sani cewa shi ne abincin wunin gaba ɗaya. Lagaan, shi ma na 2001, ya ma fi shi tsawo, domin ya haura awa uku da minti 40.

Irin fim ɗin da ya dace da mota

Abu na farko da za a duba shi ne tsawo. Gajerun abubuwa sun fi dogo guda amfani a hanya, domin tafiya ba ta barin mutum ya yi kallo a jere. Ana tsayawa a shingen jami'an tsaro, ana shan mai, ana sauka sallah, yaro yana neman ruwa. Shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda dukkansu suka fara fita a 2020, ko Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, an riga an yanka su gida-gida, don haka kowace fitowa tana da wurin tsayawa. Idan caji ya yi ƙasa fiye da yadda aka zata, sai a bar fitowa guda, ba a rasa ƙarshen labarin da aka kwashe awa biyu ana bi ba. Idan kuwa akwai fim guda da ake matuƙar son a ga ƙarshensa, shi za a fara kallo da safe, lokacin da batir ke cike kuma haske bai yi tsada ba.

Abu na biyu shi ne hasken hoton. Fim ɗin da akasarinsa aka ɗauka da dare, ko a cikin kogo da ɗakuna masu duhu, kamar finafinan ban tsoro da wasu na yaƙi, ba ya ganuwa a cikin mota da rana sai an kai haske ƙarshe, kuma ko an kai, fuskar mai kallo ce za ta riƙa bayyana a gilashin. A kan allon LCD wannan shi ne fim mafi tsada ga batir. Zanen yara mai launuka masu haske, da wasan barkwanci irin Gidan Badamasi wanda yawancinsa hira ce a wurare masu haske, suna kalluwa ko da an rage haske. Hanya mai sauƙi ta tantancewa ita ce a ja fim ɗin gaba a wurare huɗu ko biyar a lokacin gwajin waje. Idan a yawancinsu sai an kare allo da hannu kafin a gane fuskoki, a bar shi sai an isa masauki.

Wurin zama ma yana da tasiri. Daga Jos zuwa Akwanga mota kudu take fuskanta, don haka bayan azahar rana tana bugun ɓangaren dama. Wanda ya zauna a ɓangaren direba zai buƙaci haske ƙasa da na wanda ke jikin tagar dama.

Abu na uku shi ne harshe. Fim ɗin da sai an karanta fassararsa a ƙasan allo yana da matsala biyu a mota. Rubutun ƙanana ne, don haka yana buƙatar ƙarin haske. Sannan karatu a cikin motar da ke girgiza shi ne babban abin da ke jawo jiri da amai, domin ido yana kafe a kan abu guda alhali kunnen ciki yana jin motsi. Fim ɗin Hausa, ko na Indiya da aka fassara da murya zuwa Hausa irin waɗanda kamfanin Algaita ya shahara da su, yana ba mai kallo damar ɗaga kai ya dubi hanya ba tare da labarin ya kuɓuce masa ba. Shirin da hira ta fi yawa a cikinsa yana da wata fa'ida: idan caji ya kusa ƙarewa, manhajar VLC tana da zaɓin Play as audio, wanda ke ci gaba da sautin bayan an kashe allo. Fim ɗin faɗa da gudun motoci ba ya sauraruwa haka, kuma yawan girgizar kyamara a cikinsa yana ƙara jiri.

Abu na huɗu shi ne mutanen da ke kewaye. A motar haya allo ba na mai shi kaɗai ba ne, domin dattijon da ke gefe da yaron da ke baya duk suna gani. Fim ɗin da mutum ba zai kalla a gaban mahaifiyarsa ba, bai dace da kujerar mota ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa tana sanya wa fina-finai alamomin shekaru, irin su G da PG da 12 da 15 da 18, kuma duba wannan alama tun a gida ya fi laluben maɓallin tsallakewa a gaban jama'a. Haka kuma iyafis mai waya ya fi lasifikar tabilet dacewa: ba ya damun kowa, yana cin wuta ƙasa da lasifikar da aka ƙure domin ta rinjayi ƙarar inji, kuma ba shi da wani batir na daban da zai mutu a hanya kamar na Bluetooth. Idan yara biyu ne, akwai ɗan abin raba sauti mai baki biyu da ake sayarwa a shagunan kayan waya.

Fayil ɗin da ke cinye batir a ɓoye

Fim ɗaya yana iya zuwa a fayiloli iri-iri, kuma nan ne aka fi yin asarar caji ba a sani ba. Kowane bidiyo a matse yake, kuma na'ura sai ta warware shi kafin ta nuna. A cikin tabilet akwai wani sashe na musamman da aka ƙera domin wannan aiki, wanda ke yin sa da wuta kaɗan. Amma wannan sashe nau'o'in matsi ƙalilan ya sani. Idan aka ba shi wanda bai sani ba, sai aikin ya koma kan babbar ƙwaƙwalwar na'urar, wadda za ta yi shi da ƙarfin tsiya, tana zafi tana shan caji.

Nau'in da kusan kowace tabilet ta sani shi ne H.264, wanda kan bayyana a sunan fayil da x264 ko AVC. Nau'in HEVC, mai alamar x265 ko H.265, yana ba da fayil ƙarami, kuma na'urori da yawa na shekarun baya-bayan nan suna iya shi, amma wanda aka rubuta masa 10bit yakan gagari masu sauƙin kuɗi. Nau'in AV1 kuwa sabo ne, kuma tsofaffin tabilet ba su da sashen warware shi. Wanda ke shakka ya nemi x264, ko da fayil ɗin ya ɗan fi girma.

Ana iya gane matsalar ba tare da sanin waɗannan sunaye ba. Manhajar MX Player tana nuna wasu haruffa a saman allo ta dama yayin da fim ke tafiya. Idan ta nuna HW ko HW+, sashen musamman ne ke aiki. Idan ta koma SW da kanta, ko ta ƙi karɓar HW, wannan fayil zai ci caji fiye da sauran. Sauran alamomin su ne bayan tabilet ya ɗauki zafi cikin minti goma, hoto ya riƙa tsayawa, ko magana ta riga motsin baki. Akwai kuma fayilolin da hotonsu ke tafiya lafiya amma babu sauti, sai manhajar ta rubuta cewa ba ta iya EAC3 ko DTS ba. Irin waɗannan galibi VLC tana buɗe su, shi ya sa yake da kyau a tafi da manhajoji biyu.

Game da kyawun hoto, 720p ya wadatar a allon inci 8 zuwa 10, kuma 480p ya isa ga zanen yara da shirye-shiryen hira. Fayil ɗin 4K a kan irin wannan allo asara ce kawai, domin allon ba zai iya nuna ƙarin kyawun ba, ga cin wuri ga wahalar da na'ura. Awa guda ta 720p takan kai mega 700 zuwa giga guda, ta 480p kuma kusan rabin haka. Ga uwar da ke cikin misalinmu, wadda za ta kalli abin da bai kai awa biyar ba, ya isa ta ɗauki ninki biyu na haka, wato kimanin awa tara, domin a sami zaɓi idan yara suka ƙi wani. A 720p wannan bai wuce giga 7 zuwa 9 ba. Cika mimori da fina-finai arba'in ba ya ƙara ko minti guda na kallo, sai dai ya ƙara lokacin da allo ke kunne ana gardamar wanda za a saka.

Tabbatar da cewa zai buɗe ba tare da intanet ba

Fina-finan da aka sauke a cikin manhajoji ba kamar fayil ɗin da aka tura a mimori ba ne, domin suna da wa'adi. A Netflix, wasu fina-finan sukan ƙare awa 48 bayan an fara kallonsu, don haka wanda ya ɗanɗana fim ranar Litinin yana iya tarar da shi a kulle ranar Alhamis. YouTube ma tana buƙatar na'ura ta riƙa shiga intanet lokaci zuwa lokaci domin sabunta abin da aka adana, kuma bidiyon da mai shi ya cire yakan ɓace daga ajiyar. Maganin duka biyun shi ne a buɗe manhajar da data a daren da za a tafi, a bar ta ta sabunta, sannan a sanya Airplane mode a gwada buɗe kowane fim. A lura kuma cewa kada a fita daga asusun manhajar, domin yin haka yana iya share duk abin da aka sauke.

Ga wanda ya karɓo fina-finai a shagon masu turi, gwajin ya ɗan bambanta. Kada a tsaya ga ganin farkon fim. A ja shi zuwa tsakiya, sannan zuwa minti biyar na ƙarshe. Fayil ɗin da bai gama turuwa ba yakan buɗe lafiya, sai ya tsaya cak a tsakiya. Haka jabun mimori ke yi: an rubuta masa giga 64 alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba, sai sunayen fina-finai su bayyana duka amma waɗanda aka tura daga baya su ƙi buɗewa. Sannan mimori mai giga 32 ko ƙasa da haka yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura giga 4. Ya kamata kuma a tuna cewa fina-finai dukiyar masu su ce a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma da yawa daga cikin shirye-shiryen Hausa ana samun su a tasoshin YouTube na masu shirya su, kamar Saira Movies da Bakori TV, inda kallon ke amfanar waɗanda suka yi aikin.

Airplane mode ba na gwaji kaɗai ba ne, a kansa za a bar na'urar har a isa. Tabilet mai layin waya yana ƙara ƙarfin neman sabis a duk inda sabis ya yi rauni, kuma a doguwar hanya irin wannan ana ratsa dazuzzuka da tsaunuka inda yake zuwa yana ɗaukewa. Haka nan a kashe hasken da ke daidaita kansa, a saita shi da hannu a mafi ƙarancin da ido zai iya gani, domin a mota yakan yi ta hawa duk lokacin da rana ta faɗo kan allo.

Abin da fawa banki zai iya da wanda ba zai iya ba

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa fawa banki mai 10,000 mAh zai cika tabilet mai 7,040 har a sami saura. Lissafin ba haka yake ba. Wajen ɗaga wutar zuwa ƙarfin da wayar caji ke ɗauka da sake sauke ta a cikin tabilet, kusan kashi ɗaya cikin uku yana salwanta ya zama zafi. Abin da ke isa bai wuce 6,000 zuwa 7,000 ba, wato da ƙyar ya cika tabilet ɗin sau ɗaya, idan ma fawa bankin na gaske ne kuma bai tsufa ba.

Sannan wayar salula ce ke da haƙƙin farko a kansa. Da ita za a kira wanda zai tarbi matafiyi a tasha, da ita za a tura kuɗi, da ita za a nemi taimako idan mota ta lalace a daji. Idan aka ware wa waya mai batir 5,000 mAh rabin caji, abin da ya saura zai ba tabilet ɗin misalinmu kusan rabin cikinsa ko ɗan fiye, wato ƙarin kimanin awa uku na kallon rana. A nan ne dogon fim ɗin Indiya zai iya samun gurbi a cikin jadawalin.

Lokacin da ya fi dacewa a yi cajin shi ne lokacin da allo ke kashe, kamar tsakanin Jos da Akwanga. Caji da kallo a lokaci guda suna tara zafi biyu, kuma idan na'ura ta yi zafi takan rage saurin caji ko ta rage haske da kanta. Cajar mota mai rauni, wadda ke ba da wat 5, tana ba da kusan abin da tabilet ke ci ne a cikakken haske, don haka za a ga alamar caji amma adadin ba ya hawa. Zafin gari ma abin lura ne. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma batirin sauran tabilet irinsa ne, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40. Don haka kada a bar na'urar a kan kujera ko gaban mota idan an sauka sallah, kuma idan ta yi zafi a cire mata riga a bar ta ta huce a inuwa.

Wanda hanyarsa ta bambanta, ko Kano ya nufa ko Yola ko Legas, adadin ne kawai zai canja. Zai yi gwajin minti 30 sau biyu, ya cire ajiyar kashi 20, ya raba abin da ya saura a kan sassan hanyarsa, ya sanya abin da ya fi so a sashen safe, ya bar wa sassa masu lanƙwasa ko ramuka sauti kawai. Wanda kuwa tafiyarsa za ta kai dare zai ga cewa awa guda ta kallo bayan magariba tana cin kusan rabin abin da ta tsakar rana ke ci, don haka fim mai duhu da dogon fim nan ne wurinsu, da haske a ƙasa domin kada ya dami direba da masu barci.